Ko Ka Sani? Hoton Bangon Bidiyo a Faɗin Yatsu Biyu Ake Yi Masa Hukunci

Wanda ya ɗauki bidiyon tuddan yashi na Tulo-Tulowa a ƙaramar hukumar Yusufari, ya tace shi, ya ɗora a YouTube, bai gama aiki ba. Saura ɗan hoton nan da ke tsayawa a madadin bidiyon kafin a taɓa shi, wato hoton bango, wanda manhajar ke rubutawa `Thumbnail`. An saba yin shi da faɗin fiksel 1280 da tsayin 720, amma ba a wannan girman mai kallo ke ganin sa ba. A jerin bidiyoyin da ke fitowa da ƙananan hotuna a waya, faɗinsa kan koma kamar santimita 4, kusan faɗin yatsu biyu. Dokokin nan uku da masu sana'ar ke yawan nanatawa, fuska babba, rubutu kaɗan, launi mai bambanci sosai, duk daga wannan ƙanƙancewar suka samo asali.

Lokacin da ake ba hoton ma ƙanƙani ne. A 2016 kamfanin Netflix ya bayyana cewa masu kallonsa kan ɗauki daƙiƙa 1.8 a matsakaici suna duba hoton kowane fim kafin su wuce. Ita kuwa YouTube, idan aƙalla rabin hoton ya bayyana a allo fiye da daƙiƙa ɗaya, ta ƙirga cewa an gan shi. Daga nan take lissafa kashi nawa cikin ɗari na waɗanda suka gani suka taɓa, kuma ta ce rabin tashoshi da bidiyoyinta na samun tsakanin kashi 2 zuwa 10.

A ɗauka wani matashi daga Gashuwa ya bi masu raƙuma zuwa cikin yashin Yusufari, ya dawo da bidiyo na minti goma. Hoton da ya fi burge shi shi ne wanda ya ɗauka daga nesa: tudu bayan tudu, ayarin raƙuma a can ƙarshe, wani dattijo na jan akala. A babban allo hoton yana da kyau ƙwarai. Amma fuskar dattijon ba ta wuce fiksel 30 cikin 720 ba, kuma idan hoton ya koma faɗin santimita 4, tsayinsa zai zama santimita 2 da kwata, fuskar kuma ta kasa cika milimita ɗaya. Abin da ya rage wa mai kallo shi ne wani fili mai launin ƙasa da ɗigo-ɗigo a tsakiya. Da fuskar ta ci rabin tsayin hoton, da ta haura santimita ɗaya, kuma a wannan girman ana ganin ido, ana ganin gira, ana gane ko mutumin dariya yake ko rana ce ta dame shi.

Me ya sa sai fuska? A 1997 masaniyar ƙwaƙwalwa Nancy Kanwisher da abokan aikinta sun wallafa bincike kan wani ɗan yanki a ƙwaƙwalwar ɗan Adam da ke motsawa sosai idan an ga fuska, fiye da idan an ga gida ko wani kaya. Ido kan tsinci fuska tun kafin mutum ya fara karatu. Netflix ma ta lura cewa hotuna masu fuskar da ke nuna yanayin zuci sun fi jan masu kallo, kuma ƙarfin hoto na raguwa idan mutanen da ke ciki suka haura uku. Saboda haka a hoton matashin, dattijon shi kaɗai ya isa, daga ƙirji zuwa rawani, a gefe ɗaya, kan raƙumi na leƙowa ta bayan kafaɗarsa, ɗaya gefen kuma a bar wa rubutu. Kuma sai an nemi izininsa, domin fuskarsa ce za ta riƙa yawo a wayoyin mutane.

Ba lallai ne a wangale baki ba. MrBeast, mai tashar da ta fi kowace yawan mabiya a YouTube, ya yi shekara da shekaru yana fitowa baki buɗe a hotunansa. A 2023 ya sanar cewa ya gwada hotunan da ya rufe baki a ciki, sai ya ga sun fi kawo masa tsawon lokacin kallo. Murmushin dattijo da ƙwayar idonsa ta fito sarai ya wadatar.

Ɗaukar wannan fuskar a cikin yashi ita ce babbar wahalar yankin. Kyamarar waya tana auna hasken fili gaba ɗaya ta nemi matsakaici. Yashi da sararin sama suna da haske ƙwarai, don haka sai ta rage hasken hoton duka, fuskar mutum baƙi ko wankan tarwaɗa ta koma inuwa, musamman da tsakar rana lokacin da rawani ko malafa ke rufe ido. Maganin yana hannun mai ɗauka: ya taɓa fuskar a kan allo kafin ya danna, domin wayar ta auna haske daga nan, ya ja ɗan alamar rana sama idan akwai bukata. Ya fi kyau a ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, rana na dukan fuskar ta gaba ko ta gefe. Idan dole sai da rana tsaka, wani ya riƙe farin ƙyalle a ƙasan fuskar, ya mayar mata da haske. Hasken da ba a kama ba lokacin ɗauka, ƙara shi daga baya a PixelLab ko Canva yakan fito da tsaki-tsaki a fata.

Sai rubutu. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwafe taken bidiyon a kan hoton, alhali taken yana nan a rubuce kusa da shi. Idan taken ya ce “Yadda ake ratsa yashin Tulo-Tulowa da raƙumi”, kalmomi bakwai ke nan, kuma kafin su shiga rabin hoto sai an matse haruffa zuwa kamar fiksel 40, wanda a waya bai fi milimita ɗaya da kwata ba. Kalmomi biyu ko uku kuwa suna iya samun fiksel 120 kowane layi, su fito kusan milimita 4, a karanta ba tare da matse ido ba. Aikinsu su ƙara abin da taken bai faɗa ba. “BA HANYAR MOTA” ta isa, muddin bidiyon ya nuna hakan. Haruffa su zama masu kauri, marasa ado, kuma a kauce wa kusurwar dama ta ƙasa, inda YouTube ke liƙa tsawon mintunan bidiyo a kan hoton.

Mai rubuta Hausa yana da ƙarin abin dubawa. Salon haruffa da yawa masu kauri ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Idan aka rubuta “RAƘUMI” da irinsu, sai manhaja ta aro Ƙ siririya daga wani salon, ko ta saka ɗan akwati a gurbinta. Kafin a zaɓi salo, a gwada rubuta haruffan nan manya da ƙanana a gani. Cire ƙugiyar ba mafita ba ce, tunda “ƙasa” da “kasa” ba abu ɗaya ba ne.

Bambancin launi kuma yana da ma'auni. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda masu tsara shafuka ke bi don masu raunin gani, suna auna tazarar haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa, daga 1:1 zuwa 21:1, wanda shi ne baƙi a kan fari. Sun nemi aƙalla 4.5:1 ga ƙaramin rubutu, 3:1 ga babba. Ruwan ɗorawa a kan baƙi yana haura 19:1, amma a kan fari da ƙyar yake wuce 1:1. A nan ne yashi ke yaudarar mai tsara hoto: farin rubutu ko ruwan ɗorawa a kan launin yashi mai haske ba ya kai 2:1. A ɗaki yana karantuwa, amma ga mai kallo da ke zaune a tashar mota a Nguru, rana na dukan gilashin wayarsa, ya kuma rage hasken allo don caji ya kai shi dare, rubutun ya ɓace. Ko dai a yi rubutun da baƙi, ko a shimfiɗa masa baƙin zani a baya, ko a zagaye kowane harafi da baƙin layi mai kauri.

Lokacin hunturu abin ya fi muni, domin hazo yana mayar da sama da ƙasa launi ɗaya. Idan sama ta yi garau, mai ɗauka ya durƙusa ya ɗauka daga ƙasa, shuɗin sama ya zama bayan kan dattijon. Idan akwai hazo, sai a nemi duhun bishiyar dabino ko goruba a baya, ko a dogara da shuɗin rawani ko jan bargo da ke kan sirdi.

Gwaji biyu ne ke nuna ko an dace tun kafin a ɗora. Na farko, a mayar da hoton baƙi da fari. Idan fuska da rubutu suka narke cikin bayansu, launi ne kawai ke riƙe da su, kuma rana za ta cinye shi. Na biyu, a ƙanƙance shi zuwa faɗin yatsu biyu, a fita da wayar tsakar gida, a nuna wa wanda bai san bidiyon ba na daƙiƙa biyu, a tambaye shi me ya gani. Sannan a tabbatar an tantance tashar da lambar waya, domin sai da haka YouTube ke bari a ɗora hoton da mutum ya tsara da kansa.

Bayan ɗorawa, alƙaluma ne ke magana. Idan `YouTube Studio` ya nuna an ga hoton sau 5,000 an taɓa sau 150, kashi 3 ke nan; idan sabon hoto ya kawo 300 a irin wannan adadin, ya zama kashi 6. Sai dai a yi hattara da lissafin kwanakin farko, domin mabiya tashar ne ke fara gani, kuma sun fi baƙi saurin taɓawa, don haka kason kan sauka yayin da bidiyon ke isa ga mutanen da ba su san mai shi ba. Tun 2024 YouTube ta buɗe wa masu tashoshi `Test & Compare`, inda ake ɗora hotuna har uku daga kwamfuta, ta rarraba su ga masu kallo na tsawon lokacin da zai iya kai mako biyu. Abin lura shi ne ba yawan taɓawa take dubawa wajen fitar da gwani ba, tsawon kallon da kowane hoto ya jawo take aunawa. Da matashin zai saka hoton zaki a kan tudun yashi, watakila a taɓa da yawa, amma jadawalin riƙe masu kallo zai nuna zubewarsu cikin daƙiƙa 30 na farko, ga kuma ƙa'idar YouTube da ta haramta hoton bango mai yaudara. A ƙaramar tasha, gwajin yakan ƙare ba tare da an samu gwani ba saboda ƙarancin masu kallo, kuma a irin wannan hali YouTube kan bar hoton da aka fara ɗorawa, sai dai idan mai tashar ya zaɓi wani da hannunsa.