Kalkuleta ta ba ka sifili: jabu ce, ko malam ne ya yi kuskure?

Duk lokacin da ɗaliban aji ɗaya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji suka iso darasin iyaka a lissafi, akan ji irin wannan magana: wai malam ya ce amsa rabi ce, kalkuleta kuma ta ce sifili. Wasu su ce kalkuletar jabu ce, wasu su ce littafin ne ya yi tuntuɓe. Duka biyun ba haka ba ne.

Ga lissafin da ake gardama a kai:

```
(1 − cos x) ÷ x²
```

Iyakarsa idan x ya doshi sifili ita ce 0.5. Sa x = 0.1, ka sami 0.49958. Sa 0.01, ka sami 0.499996. Komai lafiya. Amma ka sa 0.00000001, sai allo ya nuna 0.

Dalili shi ne, a nan cos x ya kusa zama ɗaya ƙwarai: 0.99999999999999995, wato tara sau 16 kafin biyar ta leƙo. Casio fx-991ES da ke hannun ɗalibai da yawa lamba 10 take nunawa, 15 take riƙewa a cikinta. Wannan biyar ɗin ba ta da mazauni, sai a cike lambar ta koma 1. Ɗaya a cire ɗaya ya zama sifili, alhali duk amsar tana cikin ɗan guntun da aka zubar. Kalkuleta ta asali ma haka za ta yi, ko a kasuwar Wunti aka sayo ta ko a Legas. Kwamfutar da ke bin ma'aunin IEEE 754 na 1985, mai riƙe kusan lamba 16, ita ma sifili take bayarwa a nan.

Masu cewa kalkuleta ba ta iya ƙananan lambobi su ma sun kauce. Gwada sin x ÷ x da wannan x ɗin, za ta ba ka 1 daidai. Ɓarnar tana wajen cire lambobi biyu masu kusan kai ɗaya.

Magana ɗaya ce gaskiya: saitin kusurwa yana canza amsa. Idan alamar D ce a saman allo maimakon R, lambobin za su taru a 0.0001523. Ana iya bambance matsalolin biyu, domin kuskuren digiri yana nan tun daga x = 0.1, na cikewa kuwa sai amsa ta fara zama daram kusa da 0.5 sannan ta kubce.

Shawarata ita ce ka tsaya a 0.001, domin ƙara sifilai ba ya ƙara tabbaci. In kuma dole ka matsa, sauya fasalin lissafin yadda ragi zai fita:

```
2 × (sin(x ÷ 2))² ÷ x²
```

Daidai yake da na farko, kuma da x = 0.00000001 kalkuletar nan da ake zargi za ta ba ka 0.5.