Abin da Rubutun Faransanci Ke Faɗa a Jikin Kwalbar Turare

A shagon turare, a Kano ko a Maradi, mai saye kan tarar da kwalabe biyu masu suna ɗaya daga kamfani ɗaya, amma kuɗinsu ya sha bamban. Bambancin yana cikin ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin sunan: ɗaya an rubuta eau de toilette, ɗayar kuma eau de parfum. Mai shago zai ce ta biyun ta fi kama jiki. Yana da gaskiya, sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba.

Turaren fesawa haɗin abu biyu ne: man ƙamshi, da alkohol mai ɗan ruwa wanda aka narkar da man a cikinsa. Alkohol yana bin iska nan da nan, ya bar man a fata. Sunayen Faransancin nan suna nuna yawan man ne. Wanda aka rubuta wa parfum ko extrait de parfum shi ne mafi kauri, man yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Eau de parfum na biye masa da kashi 15 zuwa 20, sai eau de toilette da kashi 5 zuwa 15. Kalmar toilette kan sa wasu ƙyamar kwalbar saboda suna zaton turaren banɗaki ne, alhali a nan tana nufin wanka da shafa da kwalliyar safe.

A ƙasa akwai eau de cologne, mai kashi 2 zuwa 5. Sunan ya samo asali daga birnin Kolon na Jamus, inda wani ɗan asalin Italiya, Johann Maria Farina, ya fara sayar da turarensa mai ƙamshin lemo a 1709. Irin wannan turare na wartsake jiki ne, awa ɗaya ko biyu ya tafi.

Sai dai babu wata doka da ta tsaida waɗannan alƙaluma. Al'adar masu sana'ar ce kawai, kowane kamfani kuma da ma'auninsa, ba ya kuma rubuta shi a kwali. Lambar nan da ake gani, kamar 80% vol., yawan alkohol take nufi, kada a ɗauke ta a matsayin ƙarfin turaren. Saboda haka eau de toilette na wani kamfani yana iya ɗara eau de parfum na wani daɗewa a jiki.

Abin da ya fi ruɗar masu saye shi ne zaton cewa turare ɗaya ne aka tsinka da ruwa hawa-hawa. Sauvage na kamfanin Dior, wanda samari da yawa suka sani, ya isa misali. An fitar da eau de toilette ɗinsa a 2015, mai kaifin lemo da yajin barkono. Eau de parfum ya fito a 2018, an ƙara masa banila, ƙamshin ya yi zaƙi ya yi laushi. A 2019 aka fitar da parfum, wanda itacen sandal ya yi rinjaye a cikinsa. Mutum ɗaya, François Demachy, ya haɗa su duka, amma kowanne da nasa haɗin. Wanda ya shaƙi na farko a jikin abokinsa ya je ya sayi na ukun don neman ƙarin ƙarfi, zai koma gida da wani ƙamshi dabam, mafi nauyi, wanda kuma ba ya tashi nesa kamar na abokin.

Wannan ma yana da dalili. Yawan alkohol ne ke ɗaga ƙamshi ya watsa shi, shi ya sa eau de toilette ke cika ɗaki da farko sannan ya dushe. Parfum yana lafewa kusa da fata ya daɗe, kamar yadda turaren mai da humra suke yi. Irin kayan da aka haɗa ma yana da tasiri sosai: man lemo yana gudu da wuri komai yawansa, miski da sandal da udu kuwa suna iya kwana a riga ko da kaɗan aka zuba.

Hanyar gane gaskiyar kwalba ita ce a fesa a wuyan hannu, a bar shagon, a sake shaƙa bayan minti talatin, sannan bayan awa huɗu. Shaƙar farko alkohol ce da lemo, ba ta nuna abin da zai saura. Idan mutum ya daina jin ƙamshin, gara ya tambayi na kusa da shi kafin ya ƙara fesawa, domin hanci yana sabawa da abin da ya daɗe yana ji. A lokacin hunturu busasshiyar fata ba ta riƙe turare, don haka shafa mai marar ƙamshi kafin fesawa yana taimakawa. A watannin zafi kuwa parfum mai nauyi kan hau kan mutane a mota ko a sahun masallaci, fesa ɗaya ko biyu na eau de toilette ya fi dacewa da rana irin ta Afrilu.