Gargaɗi Ga Mai Shayarwa: Kada Ki Haɗa Motsa Jiki Da Horon Yunwa

Ke mai jego, tsaya ki saurara. Kin yi arba'in, kin dubi cikinki a madubi, kin ga bai koma ba. Kin yanke shawarar fara tattaki kowace safiya. Wannan ba laifi ba ne. Amma a rana guda kuma kin daina cin tuwon dare, kin rage karin kumallo, kin sayo shayin rage teɓa. To nan hatsarin yake. Ki dakata tun yau, kada ki bari sai jiki ya kayar da ke.

Kin san nawa nonon da kike ba jaririnki yake ci a jikinki? Uwar da ke shayar da nono zalla tana samar da wajen kashi uku cikin huɗu na lita kowace rana. Haɗa wannan nono yana cin kalori kusan 500. Kullum ne, ko kin ci ko ba ki ci ba. Ga mahaifa tana komawa mazauninta. Ga jinin da kika zubar wajen haihuwa bai gama dawowa ba. Yanzu kin ƙara motsa jiki a kai. Masu bin bashi huɗu ke nan a ƙofa ɗaya. Da me za ki biya su idan kin rufe tukunya?

Mu yi lissafin a fili. Ɗauki mace mai nauyin kilo 70, wata biyu da haihuwa. Jikinta kaɗai, da aikin gida, yana buƙatar kalori wajen 2,000 a rana. Nono ya ƙara 500. Tafiya da sauri ta minti talatin ta ƙara wajen 150. Jimla 2,650. Sai ta koma shan shayi da biredi da safe, 'yar shinkafa da rana, dare kuma ruwa kawai. Da ƙyar abin ya kai 1,400. Giɓin ya haura 1,200 kowace rana. Daga ina za a cike shi? Daga kitsenta, i, amma har da tsokarta da ƙarfinta. Nono yakan jure na ɗan lokaci, domin jiki yana fifita jariri a kan uwa. Idan yunwar ta ɗore, shi ma sai ya ja baya.

Ga iyakar da za ki riƙe. Kada abincinki ya gaza kalori 1,800 a rana muddin kina shayarwa. Macen da muka lissafa, idan tana son rage jiki, ta ci wajen 2,100 zuwa 2,200. Kitsen da ciki ya tara mata zai cike sauran. Da haka za ta rage kamar rabin kilo a mako, nono bai taɓu ba. Kin ga kina zubar da kilo ɗaya ko fiye kowane mako? Kin wuce gona da iri. Ki ƙara abinci yau.

Me za ki ƙara? Ba sai kin je kanti ba. Cikin tafin hannu na gyaɗa yana da kalori wajen 170. Dafaffen ƙwai ɗaya, wajen 70. Kofi ɗaya na kindirmo ko madara, wajen 150. Ki haɗa ukun nan, kin kusa 400, kuma kin sami furotin giram 20, mafi yawan ƙarin giram 25 da shayarwa ke nema. Kunun gyaɗa, fura da nono, alale, ƙosai, awara, wake da shinkafa, duk naki ne. Kada ki fita tattaki da wofin ciki. Ki shayar da jaririn, ki sa wani abu a bakinki, sannan ki ɗaura takalmi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Cika ciki kaɗai bai isa ba. Jininki fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa ga masu ciki, ana iya ci gaba da ba uwa ƙwayar ƙarin jini har mako shida zuwa goma sha biyu bayan haihuwa. Ina taki take? Kin jefa ta a durowa tun ranar suna? Ki ɗauko ta. Ki ci nama, hanta, kifi, wake da zogale. Kada ki kora su da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Ki bi su da lemon zaƙi ko gwaiba.

Ƙashinki fa? Kalsiyam ɗin da ke cikin nono, wani ɓangarensa daga ƙashinki yake fita. Mai shayarwa takan rasa kashi uku zuwa biyar cikin ɗari na ƙarfin ƙashinta, ya dawo bayan yaye. A wannan tsakanin kada ki haɗa masa yunwa da tsalle-tsalle. Ki sha nono, ki ci ƙananan kifi da ƙayarsu. Akwai kuma abubuwan da idan babu su a abincinki, za su yi ƙaranci a nononki: aidin, bitamin A da bitamin B12. Ki yi girki da gishiri mai aidin. Ki ci manja, karas, gwanda da ƙwai. Ƙwaƙwalwar jaririnki da idonsa suna jiran su.

Ruwa fa? Ki nufi lita biyu da rabi zuwa uku a rana, fiye da haka idan ana zafi ko kin yi gumi. Ki ajiye gora kusa da inda kike shayarwa. Ki dubi fitsarinki. Idan ya yi duhu, kin makara da sha.

Motsa jikin kuma, ki bi matakinsa a hankali. Fara da tafiyar minti goma. Ƙara minti biyar kowane mako, har ki kai minti talatin sau biyar a mako. Ki tsaya a saurin da za ki iya magana kina tafiya. Irin wannan motsi ba ya ɓata nono, ba ya rage shi. Gudu da tsallen igiya su jira har bayan wata uku. Idan aiki aka yi miki aka ciro jaririn, kada ki wuce 'yar tafiya sai likita ya duba ɗinkin ya ba ki izini. Duk lokacin da kika ƙara minti, ki ƙara loma.

Yanzu ki amsa da gaskiya. Kina jin jiri idan kin miƙe? Hannunki yana rawa kafin azahar? Cikin fatar idonki ya yi fari? Jinin biƙi da ya ɗauke ya dawo ja bayan kin yi motsi? Ki dubi jaririn ma. Yana jiƙa famfas ƙasa da sau shida a yini da dare? An ɗora shi a sikeli an ce nauyinsa ya tsaya? Ko ɗaya kika gani, ki ajiye motsa jikin, ki ci abinci, ki je asibiti a duba jininki da nauyinsa. Idan kuwa haki kike yi ko a kwance, ƙafafunki sun kumbura, kada ki ce gajiyar tattaki ce. Ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, likitoci a Zariya sun daɗe da danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Wannan ba ya jiran gobe. Ki tafi yanzu.

Maigida, kai ma da kai ake. Kada ka ce mata ta yi ƙiba alhali tana shayar da ɗanka. Ka shigo da ƙwai, wake da kifi. Hajiya, ki leƙa kwanon surukarki, ki ga ko ta taɓa shi. Ke kuma mai jego, wata tara cikin nan ya ɗauka yana girma, ba zai koma cikin mako uku ba. Ki zubar da shayin rage teɓar nan. Ki ɗora tukunya. Ki ci tuwon darenki yau.