Jerin Hotunan Tallar Sabon Kaya a Shagon Yadi

Jerin hotuna, wato hotunan da mai kallo ke ja da yatsa ɗaya bayan ɗaya a Instagram, ya dace da mai sayar da yadi, domin kowane zane yana samun shafinsa. Hoton farko ne ke tsayar da mai wucewa, don haka a kansa ake sa atamfar da ta fi ɗaukar ido, da rubutu kaɗan: sabon kaya ya iso.

Sauran hotunan kowanne na ɗauke da lamba da farashi, kuma a nan aka fi yin kuskure. Turmin atamfa yadi 6 ne, shadda kuwa sau da yawa da yadi ake yanka ta. Idan aka rubuta kuɗi kawai ba a ce na turmi ba ne ko na yadi, rigima ce ke jiran mai shago. Launi ma yana yaudara: shadda mai maiƙo tana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, shuɗi ya koma kamar toka. Gara a ɗauki hoton a inuwa da hantsi.

Hoton ƙarshe na oda ne: a turo lambar zane da adadin yadi ta WhatsApp, a jira tabbacin cewa kayan bai ƙare ba, sannan a biya, a faɗi garin da za a kai.