Abin da Fitilun Rauta da Modem Ke Faɗa Idan Intanet Ta Ɗauke

Da yawa daga cikinmu, da zarar intanet ta tsaya sai mu duba waya, mu ga alamar waifai a cike, mu ce ai sabis na nan, wayar ce ke da matsala. Alamar nan kuwa abu ɗaya kawai take nunawa: wayarka tana jin akwatin da ke cikin ɗaki. Ko akwatin yana jin kamfanin da ka saya wa data, wannan sai ka tashi ka je ka dubi ƙananan fitilun da ke goshinsa. Ana karanta su ne a jere, tun daga wutar lantarki har zuwa intanet, domin kowace fitila tana jiran wadda ke gabanta ta daidaita kafin ita ma ta kama.

Akwatunan aiki biyu suke yi. Modem shi ke karɓo saƙo daga kamfani, ko ta wayar faiba ko ta layin sim. Rauta kuma ita ke raba abin da aka karɓo ga wayoyi da kwamfutocin gida. A gidaje da yawa an haɗa biyun a akwati ɗaya, a wasu kuma daban-daban suke, da waya a tsakaninsu.

Fitilar POWER ba ta buƙatar dogon bayani, sai dai a ƙasarmu kada a raina ta. Yawancin waɗannan na'urori bolt 12 suke ci. Idan adafta ta gaji, ko wutar janareto tana rawa, za ka ga dukkan fitilun sun mutu tare sun sake tashi tare, sau da sau. Wannan ba laifin kamfani ba ne, a sauya adafta da mai ƙarfi irin wanda aka rubuta a bayan akwatin.

Mu ɗauki mai shagon buga takardu a Kano wanda aka jawo wa faiba. A bangonsa akwai farin akwati irin na Huawei mai fitilu POWER, PON, LOS, LAN da WLAN, a kan tebur kuma ga rautar TP-Link da ya saya daban. Da safe ya buɗe shago, ɗalibai na jiran rajista, shafi ya ƙi buɗewa, fitilar intanet ta rautar ta koma ruwan lemo. A rautocin wannan kamfani, ruwan lemo na nufin waya tana soke a ramin WAN amma intanet ba ta zuwa ta cikinta. Da a mace fitilar take gaba ɗaya, da sai a fara zargin wayar da ke tsakanin akwatunan biyu, ko ta zare ko ta lalace. Tunda tana ci, rautar ta wanke kanta, sai a ɗaga kai a dubi bango.

A bangon, PON a mace take, LOS kuma tana ƙifta ja. Wannan ita ce alama mafi fayyacewa a duk harkar: hasken da kamfani ke turowa ta cikin zaren gilashin faiba bai iso ba. Ko dai an tsinke wayar a hanya, wataƙila masu haƙar kwata ko babbar mota da ta ja ta daga fal, ko ɓera ya ci ta a silin, ko kuma an lanƙwasa ta da yawa a bayan kabad. Abin da mai shago zai iya yi da hannunsa kaɗan ne. Ya bi siririyar wayar da ido ya ga ko ta karye ko wani abu ya danne ta, ya tabbatar koren kanta ya shiga raminsa sosai. Kada ya zare ta ya leƙa ciki, domin hasken ido ba ya ganinsa amma yana iya yi wa ido illa, kuma ƙura kaɗan a bakin gilashin tana rage ƙarfin saƙo. Bayan haka sai kiran kamfani. Ya ce musu kai tsaye: "LOS na ƙifta ja, PON a mace." Wannan jimla ɗaya ta fi "intanet ba ta yi" sau goma, domin ita ke sa a turo mai gyaran waya maimakon a ce masa ya kashe ya kunna.

Da ace LOS a mace take, PON ce ke ƙiftawa ba ta tsayawa, labarin daban ne. Hasken ya iso, akwatin yana ƙoƙarin yin rajista da na'urar kamfani, ba a karɓe shi ba. Minti ɗaya ko biyu bayan dawowar wuta haka yake, ba komai. In ya zarce, ko hasken ya yi rauni ko saitin ɓangarensu ya samu matsala. Ma'aikatan suna auna ƙarfin hasken, kuma idan ya faɗi ƙasa da kusan -27 dBm layin yakan fara yankewa.

Idan PON ta tsaya kore cak, LOS a mace, amma fitilar intanet ta ƙi daidaita, to hanya lafiya lau, ƙofa ce a rufe. A fara tambayar ko kuɗin wata ya ƙare. Bayan shi sai sunan shiga da kalmar sirri na PPPoE da wasu kamfanoni ke sawa a cikin rauta. A nan ne nake roƙon jama'a su bar ɗan ramin nan da aka rubuta wa RESET. Mutane kan sa tsinke su danna shi suna zaton kashewa da kunnawa ne, alhali yana goge duk saitin da aka yi, har da wancan suna da kalmar sirri. Matsalar da za ta wuce da kanta cikin awa guda sai ta koma jiran ma'aikaci. Kashewa da kunnawa na gaskiya shi ne ka zare wuta, ka jira kamar daƙiƙa 30, ka fara kunna modem, sai fitilunsa sun tsaya sannan ka kunna rauta.

Masu rautar sim, waɗanda su ne mafi yawa a Arewa da Nijar, launi ne jagoransu. A Huawei B310 da 'yan uwanta, shuɗi mai haske kamar sararin sama 4G ne, shuɗi sosai 3G, ja kuma na nufin ba ta haɗu da kamfani ba: ko ba ta ga sim ba, ko tana jiran lambar PIN, ko ta kasa shiga layin. A kashe ta, a cire sim ɗin a goge shi, a gwada shi a waya. In ya yi aiki a waya, a shiga shafin rautar ta 192.168.8.1 a duba saitin APN. In bai yi ba, mai yiwuwa an rufe layin, kamar yadda aka rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba a Najeriya a 2024. Launukan suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka kada a yar da 'yar takardar da ke cikin kwali.

Ba kowace ƙiftawa ba ce abin tsoro. LAN da WLAN idan suna ƙifta da sauri ba tsari, saƙo ne ke wucewa. Wadda ake lura da ita ita ce ƙiftawa mai tsari, ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ƙi tsayawa.

Fitilun kuma suna da iyaka, ba sa ganin abin da ya wuce na'urar kamfaninka. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suka haɗa da WACS, MainOne, SAT-3 da ACE sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni ƙwarai a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu, alhali rautocin gidaje ba su da abin da za su nuna ja a kai. Idan ka ga komai kore amma shafi ba ya buɗewa, gwada wata wayar a kan waifai ɗin, sannan ka tambayi maƙwabcin da ke kamfani ɗaya da kai. In shi ma haka yake fama, bar akwatinka yadda yake, ka kunna datar wani layin kafin su gyara.