Yadda Ake Lissafa Kuzarin Abinci Daga Bayanin Jikin Leda

A bayan ledar biskit, ko gwangwanin madara, ko kwalin taliya, akwai ɗan jadawali mai ƙananan rubutu wanda yawancin masu saye ba sa kallo. Jadawalin nan shi ne filin aikin ɗalibin ilimin tsara abinci tun makonsa na farko, domin daga cikinsa ake fitar da adadin kuzarin da abinci ke bai wa jiki, da kuma rabon manyan sinadarai uku da ke samar da kuzarin. Na farko shi ne kabohaidiret, wato sitaci da sukari. Na biyu furotin, mai gina jiki. Na uku maiƙo. Ana kiransu manyan sinadarai ne saboda jiki na buƙatarsu da yawa, har ana auna su da giram, saɓanin bitamin da ake aunawa da ɗan mitsitsin awo.

Lissafin duka ya ginu ne a kan lambobi uku. Giram ɗaya na kabohaidiret yana ba da kilokalori 4, giram ɗaya na furotin shi ma 4, giram ɗaya na maiƙo kuwa 9. Waɗannan lambobi sun fito daga aikin Wilbur Atwater, masanin kimiyya ɗan Amurka da ya yi bincike a ƙarshen ƙarni na 19. Ya ƙona abinci ya auna zafin da ya fitar, sannan ya cire abin da jiki bai narkar ba da abin da ya fita ta fitsari, ya samu matsakaicin abin da jiki ke mora. Daga baya an ƙara wa jerin wasu: barasa tana ba da kilokalori 7 a giram, harza kuma, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, ana ba ta 2 a tsarin Turai, domin ƙwayoyin halittar da ke babban hanji suna ruɓar da wani sashe nata jiki ya ɗan amfana.

Abin da jama'a ke kira kalori, a haƙiƙa kilokalori ne, kuma alamarsa a jadawali kcal. Sau da yawa akwai wata lamba mafi girma kusa da ita mai alamar kJ, wato kilojul. Awo biyu ne na abu ɗaya, kamar mudu da tiya. Kilokalori ɗaya daidai yake da kilojul 4.184, don haka duk lambar kJ da aka raba da 4.2 za ta faɗo kusa da ta kcal. Ɗalibin da ya kwafi lambar kilojul ya rubuta ta a gurbin kalori ya ruɓanya wa mara lafiya abincinsa fiye da sau huɗu a takarda.

Kafin a taɓa kowane lissafi, sai an duba saman jadawalin a ga lambobin na wane adadin abinci ne. A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kayan da aka tsara bisa dokar Tarayyar Turai dole su nuna abin da ke cikin giram 100, ko mililita 100 idan abin sha ne. Na Amurka kuwa suna nuna abin da ke cikin rabon ci ɗaya. A kasuwannin Kano da Maraɗi ana samun duka biyun a kanta guda, wasu da Turanci, wasu da Faransanci, wasu da Larabci, kuma kamfanoni da yawa suna jera layi biyu gefe da gefe. Rabon ci ɗaya awo ne da aka rubuta a leda, mai ci kuwa bai yi alkawarin tsayawa a kansa ba.

A ɗauki misalin wata ledar biskit mai nauyin giram 75, wadda jadawalinta ya ce a kowane giram 100 akwai kabohaidiret giram 68, daga ciki sukari giram 22. Maiƙo giram 18, daga ciki mai daskarewa giram 9. Furotin giram 7. Harza giram 2. Kuzari kilokalori 466. Matakin farko shi ne a gwada ko lambar kuzarin ta dace da sinadaran da aka lissafa:

(68 × 4) + (18 × 9) + (7 × 4) + (2 × 2) = 272 + 162 + 28 + 4 = 466 kcal

Lissafi ya fita daidai. Abin lura shi ne ba a sa sukarin ba, ba a kuma sa maiƙo mai daskarewa ba. Kalmar "daga ciki" tana nufin an riga an ƙirga su: giram 22 na sukari yana cikin 68 ɗin nan, giram 9 kuma yana cikin 18. Sabon ɗalibi yakan bi jadawalin layi-layi yana ninka duk abin da ya gani, sai ya ƙara 88 na sukari da 81 na maiƙon, ya tashi da 635. Akwai hanya mai sauƙi ta kama wannan kuskure. A tara nauyin sinadaran: 68 da 18 da 7 da 2 sun ba da giram 95, ragowar 5 ɗin ruwa ne da gishiri da ma'adinai. Wanda ya ƙirga sau biyu zai samu giram 126 a cikin giram 100 na biskit, abin da ba zai yiwu ba. Haka nan babu abincin da zai wuce kilokalori 900 a giram 100, domin wannan shi ne iyakar tsantsar mai irin man gyaɗa.

Mataki na biyu shi ne mayar da lambobin kan abin da aka ci. Idan jadawali ya ce rabon ci ɗaya giram 30 ne, kuzarinsa zai kama kusan 140. Amma yaron da aka saya wa ledar a hanyar makaranta duka zai cinye, wato giram 75, kashi uku cikin huɗu na giram 100. Sai a ninka kowace lamba da 0.75: kuzari ya zama kusan 350, kabohaidiret giram 51, maiƙo giram 13.5, furotin giram 5 da ɗoriya. Tsakanin 140 da 350 akwai tazara mai yawa, kuma ga mai ciwon sukari da ake ƙirga masa kabohaidiret, giram 51 ya fi ninki biyu na giram 20 da ke cikin rabon da aka rubuta. Shi ya sa tambayar da ta fi amfani a ɗakin ganin marasa lafiya ita ce nawa aka ci, leda nawa, cokali nawa, kuma wane irin cokali.

Irin wannan tarko yana cikin abincin da ake jiƙawa ko dafawa. Jadawalin madarar gari yakan ba da lambar busasshen gari, wanda ke kusa da kilokalori 500 a giram 100, alhali madarar da aka dama bisa ƙa'ida tana da sittin da wani abu a mililita 100. Taliya da shinkafa suna shan ruwa su ninka nauyinsu sau biyu ko fiye, kuzarinsu bai ƙaru ba ko kaɗan. Wanda ya auna dafaffiyar taliya ya yi mata lissafi da lambar ɗanya ya zarce gaskiya nesa.

Mataki na uku shi ne gano kason kuzarin da kowane sinadari ya kawo, kuma a nan ilimin ke fara daɗi. A nauyi, maiƙo kashi 18 ne cikin ɗari na biskit ɗin nan. A kuzari kuwa, 162 ne cikin 466, wato kusan kashi 35. Kabohaidiret ya kawo kashi 58, furotin kashi 6 kacal, sauran ɗan kaɗan na harza ne. Dalilin da ya sa ake wahalar da kai a kan wannan shi ne shawarwarin lafiya da kason kuzari suke magana. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar kada maiƙo ya wuce kashi 30 na kuzarin yini, mai daskarewa kada ya wuce kashi 10, sukarin da ake ƙara wa abinci shi ma ya tsaya ƙasa da kashi 10. Waɗannan iyakoki na abincin yini ne gaba ɗaya. Ba a yanke wa leda ɗaya hukunci da su, sai dai a ga gurbin da ta cinye a cikin yinin.

Kada a rikita wannan kaso da wanda ake gani a gefen wasu jadawalai da alamar kashi cikin ɗari. Wancan yana kwatanta abincin ne da buƙatar wani baligi na misali mai cin kilokalori 2000 a yini. Manomi a lokacin huɗa, da mai shayarwa, da yaro ɗan shekara biyar, babu wanda wannan awo ya yi masa daidai.

Wani lokaci lissafi ba ya faɗawa kan lambar kamfani, kuma ba lallai ne an yi ƙarya ba. Ana daidaita lambobi: dokar Amurka ta yarda a kai kuzarin da ya haura 50 zuwa goma mafi kusa, a kuma rubuta sifili ga maiƙon da bai kai rabin giram ba a rabon ci ɗaya. Harza ma tana kawo saɓani. A jadawalin Amurka tana cikin jimillar kabohaidiret, a na Turai kuwa an ware ta daban. Da biskit ɗin misali ɗan Amurka ne, da an rubuta kabohaidiret 70 maimakon 68. Bambancin ba ya da yawa a biskit, amma a wake ko hatsin da ba a surfe ba yana iya zama babba. Haka kuma alawa da cingam marasa sukari suna ɗauke da wasu abubuwan zaƙi da ke ba da kusan kilokalori 2.4 a giram maimakon 4, don haka lissafin 4 zai fi na kamfani.

Lambobin jadawalin su ma ba duka aka auna kai tsaye ba. Furotin ana samunsa ne ta auna naitirojin ɗin abinci a ninka da 6.25, domin kusan kashi 16 na nauyin furotin naitirojin ne. Raunin wannan hanya ya bayyana a Sin a 2008, lokacin da aka zuba wa madara sinadarin melamin mai yawan naitirojin don gwaji ya nuna furotin na ƙarya, jarirai da dama suka kamu da ciwon ƙoda, wasu suka rasu. Kabohaidiret kuma sau da yawa ragowa ce: a cire ruwa da toka da maiƙo da furotin daga ɗari, abin da ya saura a rubuta shi. Duk kuskuren da aka yi a sauran awon yana taruwa a kansa.

Saboda haka saɓanin kilokalori biyar ko goma tsakanin lissafin ɗalibi da lambar leda abu ne da aka saba gani. Idan ya kai kashi 10 cikin ɗari ko fiye, sai a koma a duba abubuwa huɗu: ko an haɗa layin giram 100 da na rabon ci, ko an ɗauki kJ a gurbin kcal, ko an ƙirga sukari sau biyu, ko harza ta shiga inda bai kamata ba. Galibi kuskuren yana cikin ɗayan waɗannan.