Jawabi ga mutanen da ba ka ganin fuskarsu

Mai jawabi a zauren taro yana da mataimakan da bai san da su ba. Wani ya gyaɗa kai, wata ta yamutse fuska, na baya ya fara hamma, shi kuwa nan take ya maimaita, ya kawo misali, ko ya taƙaita. A taron bita ta intanet irin na Zoom Webinar, mahalarta ba sa fitowa a allo, muryarsu ma a rufe take. Ko a Google Meet, da yawa kan kashe kyamara don data ta yi auki. Saboda haka duk gyaran da fuskoki za su sa ka yi, dole ka riga ka rubuta shi cikin takardarka.

Ɗauki ma'aikaciyar jinya da za ta koyar da ma'aikatan lafiya na karkara maganin gudawar yara. A takardarta ta zaure ta rubuta: "A narkar da fakitin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a ba da zinc miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata shida ba a ba shi miligiram 10. Kun gane?" A zaure wannan ya wadatar. A intanet kuwa shiru zai biyo baya, kuma ba za ta san ko na fahimta ba ne, ko na wanda layinsa ya yanke.

Sai ta raba jimlar gida uku, kowane adadi ta faɗe shi sau biyu. "Kun gane?" ta cire shi ɗungurungum, ta maye gurbinsa da tambaya mai amsa ɗaya: "Jariri ɗan wata huɗu, miligiram nawa? Ku rubuta 10 ko 20 a Chat." A ƙasan tambayar ta rubuta wa kanta: dakata daƙiƙa 20. Wannan dakatawa ita ce mafi wuya, don shirun kan yi wa mai magana nauyi har ya amsa wa kansa, alhali mutane na kan laluben haruffa a waya. Idan 20 ta yi yawa cikin amsoshin, ta san bayanin bai shiga ba, shi ya sa za ta tanadi misali na biyu a gefen takarda tun daga gida.

"Kamar yadda kuke gani a nan" ma a cire shi. Hoto kan makara a layi mai rauni, allon waya kuma ƙarami ne. A ce "shafi na huɗu, layin ƙasa", sannan a karanta abin da ke wurin.

Duk wannan yana cin lokaci. A ganina, jawabin minti 30 sai an zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsohon rubutun kafin tambayoyi da maimaici su samu wuri. A kuma sa wani ya riƙa bin Chat yana tattaro amsoshi, domin mai karatu ba zai iya haɗa taura biyu a baki ba.